Yadda ake cire abin da ya shigo hoto ba da gayyata ba: girman zagaye da kalmomin umarni

Hoton da zan yi aiki da shi na amarya ne a tsakar gida, bayan la'asar. Ta tsaya da kyau, haske ya sauka a fuskarta ta gefen dama, leshin ya fito da duk adonsa. Sai da aka buɗe hoton a kwamfuta aka ga buta shuɗiya ta roba a bayanta, ajiye a kan intalok, bakinta ya leƙo daidai gefen zanin. Wani ya yi alwala ya bar ta nan. Biki ya wuce, babu damar sake ɗauka, kuma wannan hoton ne dangin ango suka zaɓa a wanke babba.

Kafin ka taɓa komai, ka riƙe abu ɗaya, domin duk sauran bayanin a kansa ya rataya. Manhajar da ke cike gurbi ba ta goge abu. Babu intalok a ƙarƙashin butar da za ta tono, kyamara ba ta taɓa ganin wurin ba. Abin da take yi shi ne ta dubi ramin da ka yanka mata, ta dubi abin da ke bakin ramin, ta karanta abin da ka rubuta, sannan ta zana abin da ya fi dacewa da waɗannan ukun. Idan ramin yana da siffar buta, gefensa da shuɗi-shuɗi, ƙasansa da inuwa, to abin da ya fi dacewa da wurin wani abu ne mai kama da buta. Shi za ta ba ka, kuma ba ta yi kuskure ba, alamun da ka bar mata ta bi.

Zan bi aikin da Generative Fill na Photoshop, wanda Adobe ta fara fitarwa a watan Mayu na 2023, daga baya in nuna yadda abin yake a Stable Diffusion, inda maɓallan suka fi yawa kuma ake ganin dalilin komai a fili.

Shiri

Buɗe hoton a cikakken girmansa. Nawa fiksel 6000 ne a faɗi, 4000 a tsayi. Kada ka yi aiki da wanda aka turo ta WhatsApp a matsayin hoto, domin an riga an matse shi, ka nemi na asali daga katin kyamara ko a turo maka shi a matsayin fayil. Gama gyaran haske da launi na farko kafin ka cire komai. Dalili kuwa, abin da manhajar za ta zana yana kwaikwayon launin da ta tarar ne, idan ka koma ka sauya hasken leyar ƙasa, wato shimfiɗar da hoton asali yake kai, bayan nan, facin zai fito kamar sabon yadi a tsohuwar riga. Ka kuma tabbatar kana da intanet mai ƙarfi, saboda Generative Fill ba a kwamfutarka yake aikin ba, ana tura ɓangaren hoton ne can a dawo da shi. Kowace dannawa tana cin data da lokaci, shi ya sa yana da kyau a gyara zagaye tun farko maimakon a yi ta dannawa ana fatan sa'a.

Yanzu zuƙo wurin butar har ta cika rabin allo, ka tsaya ka ƙirga abin da ta bari a hoton ban da jikinta. A nawa abubuwa uku ne. Inuwarta ta kwanta ta hagu, tsawon fiksel kusan 220. Akwai ɗan danshin ruwa a gindinta. Sannan akwai siririn shuɗi da ya ɗan haska duwatsun da ke kusa da ita. Da a kan tayil mai sheƙi take, da akwai na huɗu, wato hotonta a juye a ƙasa kamar a madubi. Duk waɗannan ɓangaren butar ne, duk sai sun shiga zagaye.

Zagaye: inda aikin yake

Zagaye nake kiran wurin da ka shata wa manhajar ta sake zanawa. A allo za ka ga an rubuta `selection` ko `mask`, abu ɗaya ne a wannan aikin.

Kuskuren da kusan kowa ke fara yi shi ne ɗaukar Object Selection Tool, a danna butar, a ga layi ya bi jikinta tsaf har mariƙi da baki, a ji daɗi an yi zaɓe mai tsafta. Don yanke mutum a sauya masa bango, wannan tsaftar ita ake so. Don cire abu, ita ce matsalar. Na gwada haka a wannan hoton don ka ga abin da ke fitowa: Photoshop yana bayar da zaɓi uku a kowace dannawa, ɗaya ya zo da wata tukunya mai ruwan toka, ɗaya da abu kamar tulun fure, na ukun ya cike da duwatsu amma an ga zanen butar a kewaye, siririn layi shuɗi kamar an bi ta da biro.

Abubuwa biyu suka jawo haka. Na farko siffa. Rami mai ciki, mai wuya, mai baki a gefe, yana faɗa wa manhajar cewa akwai wani abu a tsaye a nan. Na biyu gefe. Bakin kowane abu a hoto ba ya yankewa kaf, akwai fiksel uku ko biyar, wani lokaci fiye, inda launin abin ya gauraya da na bayansa. Zagaye mai matsewa yana barin waɗannan a waje, manhajar kuwa ba ta taɓa abin da ke waje, sai ma ta ɗauke shi a matsayin gaskiyar da za ta ɗora a kai. Ta ga shuɗi a baki, ta ci gaba da shuɗi a ciki.

Inuwa ta fi su duka ƙarfi. Idan ka bar inuwa a waje, ka bar tambaya a hoton: me ya jefa wannan inuwar? Manhajar za ta amsa da wani abu mai tsayin da ya dace da ita. Ko da ta haƙura ta zana duwatsu zalla, inuwar da ba ta da mai ita tana nan, kuma idon mai kallo yana kama ta ko bai san abin da ya dame shi ba.

Ga yadda nake yi. Ɗauki Lasso Tool, harafin `L` a allon rubutu. Zagaye butar da inuwarta da danshin a dunƙule guda, da hannu sake, kamar kana zana ƙwai ko dankali. Kada ka bi lanƙwasar mariƙi, kada ka shiga tsakanin baki da ciki. So ake siffar ta ɓace, ramin ya zama ba ya kama da komai. Bar tazara tsakanin layinka da jikin abin. A hoto mai faɗin 6000, fiksel 20 zuwa 30 ya ishe ni. A hoto mai faɗin 2000, 8 zuwa 12. Idan abin yana can baya inda hoton ya yi dishi-dishi, ninka tazarar, domin gefensa ya bazu fiye da yadda ido ke gani.

Idan ka riga ka yi zaɓen mai matsewa, ba sai ka watsar ba. Riƙe `Shift` ka ƙara inuwar da Lasso, sannan ka faɗaɗa:

```
Select > Modify > Expand > 25 pixels
```

Amma ka duba bayan faɗaɗawar. Idan har yanzu layin yana nuna siffar buta, sai dai ta yi ƙiba, to cike lungunan da hannu.

Butata faɗin 300 ce, tsayi 340. Da inuwa da tazarar 25 a kowane gefe, zagayen ya zama kusan 570 a faɗi, 390 a tsayi.

To me zai hana a yi zagaye babba kawai, a huta? Na gwada shi ma. Na shata rabin ƙasan hoton ta hagu, faɗin fiksel kusan 2800, har da gindin bango da wani yanki na zanin. Butar ta tafi sarai, amma abubuwa uku sun lalace. Fili mai faɗi yana ba manhajar sarari, ita kuma ba ta son wofi, sai ta dasa tukunyar shuka a jikin bangon a zaɓi ɗaya, ta kawo matakala a wani. Adon leshin da ya shiga zagayen ta sake zana shi da wani fure da ba shi ne a jikin amarya ba. Wannan ba ƙaramin abu ba ne. Wadda ta zaɓi yadinta da kanta, ta kai wa tela, ta san kowane fure, kuma ba hakkinka ba ne ka sauya mata. Na uku, wurin ya yi laushi. A nau'o'in farko na Generative Fill, abin da ake zanawa ba ya wuce fiksel 1024 a kowane gefe, sai a ja shi ya rufe zagayen. Idan zagayen 2800 ne, an ja kowane fiksel kusan sau uku. A waya ba za a gani ba, amma a hoton bango za a ga gefe ɗaya da kaifi, ɗayan kamar an shafa masa man shanu. Sababbin nau'o'i sun ɗaga wannan iyakar, sai dai iyaka tana nan, kuma ƙaramin zagaye har yanzu ya fi babba kaifi.

Saboda haka girman da ake nema shi ne mafi ƙanƙantar zagayen da ya cinye abin, da inuwarsa, da siffarsa. Idan abubuwan da za ka cire da yawa ne, buta a nan, ledar fiya wata a can, takalmi a bakin ƙofa, yi su ɗaya bayan ɗaya. Kada ka haɗa su a zaɓe guda, domin manhajar za ta ɗauki akwatin da ya ƙunshe su duka a matsayin filin aiki, ka koma matsalar laushi.

Saura wurin da bakin butar ya taɓa zani. Nan hannu ke rawa. Idan ka tsaya nesa da zanin, ƙarshen bakin butar zai rage a waje. Abin da nake yi shi ne in bar zagayen ya hau kan zanin da fiksel kamar 10 zuwa 15. Babu komai, domin amarya ce a gaba, butar a baya, zanin na asali yana nan lafiya a leyar ƙasa, za mu dawo da shi a ƙarshe.

Abin da za a rubuta

Da ka gama zagaye, danna Generative Fill a ƙaramin sandan da ke bayyana ƙarƙashin zaɓen. Akwatin rubutu zai buɗe. Gwajin farko, kada ka rubuta komai, danna Generate kawai. Idan akwatin babu rubutu, manhajar tana dogara ga abin da ke kewaye da ramin kaɗai, kuma in zagayen ya yi kyau, sau da yawa nan aikin ke ƙarewa. A hotona, biyu cikin ukun sun zo da intalok zalla, ɗaya ya zo da ɗan dutse a tsakiya.

Hannu yakan so ya rubuta abin da zuciya ke so, wato a cire buta. Ga abin da na rubuta don gwaji, da zagayen nan mai kyau ban sauya shi ba:

```
remove the blue kettle
```

Buta ta dawo, sabuwa fil, a zaɓi biyu, ɗaya ma ta shayi ce ta ƙarfe. Dalilin yana cikin yadda aka koyar da irin waɗannan injuna. An nuna musu ɗimbin hotuna, kowanne da rubutun da ke bayyana abin da ke cikinsa. Hoton da rubutunsa ya ambaci buta, akwai buta a ciki. Ba kasafai ake samun hoton fili da aka rubuta wa "babu buta a nan" ba. Don haka sunan abu yana da nauyi sosai a wurinsu, kalmar cirewa ko ta korewa kuwa ba ta da nauyin kirki. Rubuta `no kettle` ko `without kettle` duk hanya ɗaya ce, ka ambaci sunanta, ka kira ta.

Akwatin nan ba wurin ba da oda ba ne, wurin siffanta abin da kake so ido ya gani ne bayan an gama. Tambayi kanka: da butar ba ta nan, me kyamara za ta ɗauka? Amsar ita za ka rubuta, da suna da siffa, a gajarce:

```
grey interlocking paving stones
```

Da wannan, duka ukun sun zo da duwatsu. Da Turanci nake rubutawa, saboda rubutun da aka koyar da yawancin injunan nan da shi na Turanci ne, kuma kalmomi uku zuwa biyar sun wadatar, ba a buƙatar jimla.

Kalma ɗaya tana iya karkatar da sakamakon. Da na rubuta `floor` kaɗai, wani zaɓi ya kawo katako, wani tayil na ɗaki, domin kalmar ta fi zuwa da hotunan cikin gida. Da na rubuta `ground`, sai ƙasa da tsakuwa suka shigo tsakiyar intalok. `empty` tana taimakawa wani lokaci, amma ba ta kai ambaton ainihin abin da aka shimfiɗa ba. Idan bango ne a bayan abin, faɗi irinsa da launinsa, `cream painted cement wall` misali. Idan labule ne, faɗi launi da yadda ya sauka.

Tsawaita rubutu kuma yana da nasa haɗarin. Na ƙara `beautiful wedding` a gaba don in ga abin da zai faru, sai ga furanni warwatse a ƙasa. Kowane suna da ka rubuta, manhajar tana neman inda za ta ajiye shi, kuma wuri ɗaya kawai aka ba ta, wato ramin. Kada ka siffanta hoton gaba ɗaya, kada ka ambaci amarya, domin za ka iya samun ƙaramar mace ko hannu a inda butar take. Siffanta abin da ke cikin ramin kaɗai.

Idan zagayen ya ratsa abubuwa biyu, rabi bango rabi ƙasa, rubutu ɗaya yakan sa ɗayan ya mamaye ɗayan. A nan barin akwatin babu komai ya fi, ko a raba aikin biyu, a fara da bango, a bi da ƙasa.

Akwai sababbin injuna da aka koyar da bin umarni kai tsaye, irin FLUX.1 Kontext da ya fito a 2025. Su suna fahimtar "cire buta". Amma ka lura da su, sukan sake zana ɓangaren da suka karɓa gaba ɗaya, fuska ko adon kaya na iya ɗan sauyawa ba ka sani ba. In ka yi amfani da su, ɗora sakamakon a kan hoton asali, ka bar wurin butar kaɗai ya fito.

Abin da na lura a aikina shi ne zagaye ya fi rubutu ƙarfi. Da zagaye mai matsewa, ko na rubuta sunan duwatsun daidai, layin shuɗin yana nan. Da zagaye mai kyau, ko ban rubuta komai ba, abin yana tafiya. In ka danna sau biyu, zaɓi shida, babu mai kyau, kada ka sake danna na uku, kuma kada ka fara da sauya kalmomi. Koma ga zagayen ka nemi abin da ka bari a waje.

Idan Stable Diffusion kake amfani da shi

Wanda ke da kwamfuta mai katin hoto mai ƙarfi zai iya yin wannan ba tare da intanet ba. A manhajar AUTOMATIC1111, shiga `img2img`, sannan `Inpaint`, ka shafe butar da inuwarta da burushi mai kauri. Zaɓi injin da aka yi don cike gurbi, wanda sunansa ke ɗauke da `inpainting`, kamar `sd-v1-5-inpainting`, domin na gama-gari yakan bar tabo a bakin faci. Ga saitin da na yi wannan hoton da shi:

```
Masked content: fill
Inpaint area: Only masked
Only masked padding, pixels: 160
Mask blur: 8
Denoising strength: 0.9
Width / Height: 768
```

`Masked content` shi ne abin da injin zai fara da shi a cikin ramin. Idan ka bar shi a `original`, da butar kanta zai fara, ya ɗan birkita ta, sannan ya gyara, shi ya sa take dawowa da sabon launi. `fill` yana fara shafe wurin da launukan kewaye, sai a tashi daga ruwan toka. `Denoising strength` kuwa yawan 'yancin da ka ba shi ne. Yana zuwa a 0.75. Don gyara fuska ana saukar da shi, don cire abu ana ɗaga shi. Idan ka ga wurin ya fito kamar tabon hayaƙi babu zanen duwatsu, ya yi ƙasa.

`Only masked` yana yanko zagayen da ɗan kewayensa ya yi aiki a kansu kaɗai, maimakon ya rage hoton 6000 gaba ɗaya. Yawan kewayen da zai gani shi ne `padding`, kuma yana zuwa a 32. A hotona kowane dutse ɗaya faɗinsa ya kai fiksel 150, don haka da 32 injin ba ya ganin ko dutse ɗaya cikakke, sai ya ƙirƙiro nasa tsarin, layuka suka karkace. Da 160, abin da ya yanko ya zama 570 da ƙarin 160 a kowane gefe, wato 890 a faɗi, ya ga yadda duwatsun ke sarƙe da juna, ya bi. Rage 890 zuwa 768 kuwa ba ya cin kaifi sosai.

A nan ne ma ake ganin dalilin tazarar da na ce a bari. Stable Diffusion ba ya zane fiksel bayan fiksel, yana aiki ne a taƙaitaccen hoto inda kowane gida ɗaya yake wakiltar fiksel 8 a faɗi da 8 a tsayi. Tazarar fiksel uku ko huɗu ba ta kai gida ɗaya ba, kamar babu ita. Ga kuma `Mask blur` da ke narkar da bakin zagayen, wanda in zagayen ya matse, ta cikin narkewar nan gefen butar na asali zai leƙo. Tazarar 25 ta ba da gida biyu zuwa uku na tsira.

Wani abin da wannan manhajar ke da shi shi ne akwati na biyu, `Negative prompt`. Nan ne kaɗai sunan butar ke da amfani, domin duk abin da ka sa a ciki injin yana nisantarsa:

```
Prompt: grey interlocking paving stones
Negative prompt: kettle, pot, vase, bucket
```

Idan kana son ka gane tasirin kowane sauyi, cire `Seed` daga -1 ka sa lamba ɗaya tsayayya, sannan ka riƙa sauya abu ɗaya a kowane gwaji. In ba haka ba, ba za ka san ko kalmarka ce ta gyara ba ko sa'a ce.

A waya, Magic Eraser na Google da Object eraser na Samsung da Clean Up na Apple ba su da akwatin rubutu, zagaye ne kaɗai makaminka. Dokar ba ta sauya ba: shafa ka wuce gefe, ka haɗa da inuwa.

Dubawa da gamawa

Mu koma Photoshop. Ka zaɓi wanda ya fi a cikin ukun, amma ba a gama ba. Photoshop ya ajiye facin a sabuwar leya mai nata maski, hoton asali yana ƙasa ba a taɓa shi ba. Danna kan maskin, ɗauki burushi baƙi mai ɗan laushin baki, ka bi gefen zanin a hankali. Duk inda ka shafa baƙi, zanin asali yana dawowa. Tsaya daidai bakin yadin. Idan shuɗi ya leƙo, ka wuce, juya burushin zuwa fari da harafin `X` ka mayar.

Sannan zuƙo zuwa kashi 100, `Ctrl` da `1`, ka kunna leyar ka kashe sau da yawa kana kallon bakin facin. Abin da ya kamata ya ɓace ya dawo shi ne buta da inuwarta kawai. Idan wani abu daban yana motsi, gindin bango yana hawa da sauka, ko dutse yana sauya girma, akwai gyara.

Bi layukan intalok da ido daga wajen facin, ka ratsa ciki, ka fita ta ɗaya gefen. Layin da ya shiga dole ya fito a inda ake tsammaninsa. Nan ne injunan nan suka fi faɗuwa: intalok, tayil, bulo, tabarma, ƙarfen taga, duk wani zane mai maimaituwa. Idan layi ɗaya ne ya karye, kada ka sake duka. Yi ɗan siririn zagaye a kan karayar kaɗai ka sake Generate, ko ka ɗauko layin daga dutsen kusa da Clone Stamp Tool. A hotona haka aka yi, wuri ɗaya kusa da bango dutse ya fito da kusurwa biyar, ƙaramin zagaye na fiksel 120 ya gyara shi.

Duba hasken ma. Rana tana dama, don haka duhun da ke tsakanin duwatsu da inuwar amarya duk hagu suka nufa. Idan inuwar butar ta haɗu da ta amarya, ka tabbatar ba a yanke wa amarya tata ba.

Abu na gaba ƙurar hoto ce, tsaki-tsakin nan da kyamara ke bari musamman in haske ya yi ƙasa. Facin yakan zo sumul, babu ita, sai ya yi kamar an goge wurin da tsumma. Danna hoton leyar facin, ba maskin ba, ka ƙara kaɗan:

```
Filter > Noise > Add Noise
Amount: 1.5%   Gaussian   Monochromatic
```

Fara da 1, ka ƙara har sai tsakin ciki da na waje sun yi daidai a kashi 100. Don kama bambancin launi da ido bai gani ba, ɗora leyar Curves ta wucin gadi a sama, ka ja layin sosai har hoton ya yi tsananin haske da duhu. Idan facin ya fito kamar tsibiri, launinsa ya ɗan kauce, sai ka gyara shi da wata Curves da aka maƙala wa leyar facin kaɗai, ka goge ta gwajin. Wannan dubawar tana da muhimmanci in za a wanke hoton, domin takarda takan tona abin da allo ya rufe.

Akwai inda ban yarda a yi wannan aikin ba ko da hannu ya iya. Abin da manhajar ta zana ƙirƙira ce, ba abin da ya kasance ba. A hoton biki, duwatsun tsakar gida ba su cutar da kowa. Amma hoton labari, ko na shaida, ko na mota ko gida da za a sayar, cire tsaga a bango ko lotsawa a jikin mota ha'inci ne. Haka kuma idan abin da za a cire ya rufe yatsun mutum, ko lallen amarya, ko rubutu a jikin allo, abin da zai fito ba nata ba ne. Na fi son in nemi wani hoton daga cikin waɗanda aka ɗauka a jere, in ɗauko hannun na gaskiya daga can in ɗora.

Idan butar ta ƙi tafiya duk da zagaye mai kyau, akwai dabara ta ƙarshe. Buɗe sabuwar leya, ɗauki Clone Stamp Tool, ka saita shi ya ɗauko daga leyoyin ƙasa, ka rufe butar da inuwarta da duwatsun kusa ko da aikin bai yi kyau ba. Yanzu babu shuɗi, babu siffa, babu inuwa. Zagaye wannan facin na hannu da tazarar 25, rubuta sunan duwatsun, ka danna Generate. Daga nan ajiye fayil ɗin a PSD da leyoyinsa, ka fitar da JPEG daban don wanki, domin in uwar amarya ta hango wani abu a gefen zanin gobe, burushi baƙi kawai za ka ɗauka.